Hashiya ko Suna da Shekara? Tambayoyi da Amsoshi kan Kawo Madogara a Kundin Nazarin Addini

Ina koyarwa a wata kwaleji da ke karkarar Jigawa, kuma duk shekara ana ba ni kundayen ɗaliban ajin ƙarshe in duba. Yawancinsu sun yi karatun zaure kafin su zo mana. Sun sauke Ahalari da Ishmawi, wasu har Risala, sun san inda magana take a littafi. Abin da ke kayar da su shi ne yadda za su nuna wa mai karatu inda suka ɗebo maganar, ta hanya guda, daga babi na ɗaya har na biyar. Tambayoyin nan su ne waɗanda ake yi mini a ofis, wani lokaci ma a kan tabarmar ƙofar gida bayan La'asar.

Malam, mene ne ainihin bambancin hanyoyin nan biyu?

A hanyar hashiya, wadda ɗalibai ke kira futnot, kana gama jimla sai ka ɗora ƙaramar lamba a samanta. A ƙasan shafin, lambar nan za ta sake fitowa tare da cikakken bayanin littafin. Misali:

Murray Last, *The Sokoto Caliphate* (London: Longmans, 1967), shafi kaza.

Idan ka sake komawa littafin a gaba, sai ka taƙaita: Last, *Sokoto Caliphate*, shafi kaza.

A hanyar suna da shekara kuwa, babu komai a ƙasan shafi. Cikin jimlar za ka buɗe baka biyu ka rubuta (Last, 1967, shafi kaza), mai karatu ya juya ƙarshen kundi, wurin manazarta, ya nemi Last na 1967 ya ga sauran bayani. Tsarin APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, wannan hanya yake bi. Tsarin Chicago, da ƙanensa na Turabian wanda aka yi domin ɗalibai, kowannensu yana da hanyoyin biyu. Saboda haka idan aka ce maka "bi Chicago", ba a gama ba ka amsa ba tukuna. Tambaya za ka yi: Chicago na hashiya ko na suna da shekara?

To wanne zan ɗauka?

Kafin komai, je sashenku ka nemi takardar ƙa'idar rubuta kundi. Idan akwai, magana ta ƙare, ita za ka bi ko da ranka bai so ba, domin da ita za a auna ka ranar kare kundi. Idan babu takarda, tambayi malamin da ke duba aikinka, ka rubuta amsarsa a bangon fayil ɗinka a gabansa, da kwanan wata. Na ga ɗalibin da ya dogara da kundin wani yayansa da ya gama shekaru da suka wuce, ashe sashe ya canza tsari tun bayan tafiyar yayan nasa.

Idan an bar maka zaɓi, zube littattafan da za ka yi aiki da su a kan tabarma ka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya, waɗanda shekarar bugunsu ita ce shekarar da aka yi maganar: maƙalun mujallu, kundayen digiri, littattafan malaman jami'a. Kashi na biyu, waɗanda masu su sun rasu ƙarnoni kafin a ƙirƙiro na'urar ɗab'i: littattafan hadisi, tafsiri, fiƙihu, aƙida. Kashin da ya fi tudu shi zai zaɓa maka.

Ga dalili. An gina hanyar suna da shekara ne domin fannonin da sabon bincike ke ture tsoho, inda mai karatu ke son sanin ko maganar ta bara ce ko ta shekara talatin baya. A can shekara labari ce. A wurinmu kuwa, ɗalibi zai rubuta (Bukhari, 2002), alhali Imamu Bukhari ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira. Wannan 2002 ɗin ba ta gaya wa kowa komai sai shekarar da wani kamfani ya buga kwafin da ke hannun ɗalibin. Mafi muni, idan ya jera (Ibnu Kasir, 1999) da (Ɗabari, 2001), wanda bai sani ba zai zaci Ɗabari ne na baya, alhali Ɗabari ya rasu a 310, Ibnu Kasir a 774, kuma Ibnu Kasir ne ke ciro magana daga Ɗabari. A nazarin addini, sanin wa ya riga wa rabin hujja ne.

Sannan hashiya tana ba ka wurin numfashi. Kana iya faɗin darajar hadisi, ko saɓanin lafazi tsakanin riwayoyi biyu, ko cewa fassarar taka ce, ba tare da ka yanke zaren jimlarka ba. Ɗalibin da ya yi karatun zaure ya saba da wannan: matani a tsakiya, sharhi da hashiya a gefe. Shi ya sa ni dai, ga kundin tafsiri ko hadisi ko fiƙihu, hashiya nake zaɓa ba tare da shakka ba. Amma wanda ke binciken, a ce, yadda ake koyar da tarbiyya a makarantun Islamiyya na ƙaramar hukumarsa, yana raba takardun tambaya, madogararsa duk maƙalu ne na zamani, suna da shekara ya fi masa sauƙi, ya kuma fi dacewa.

Sashenmu ya ce APA dole, kuma aikina duk hadisi ne da tafsiri. Yaya zan yi?

Ana yi, kuma ana yi da kyau. Abu biyu za ka riƙe.

Na farko, APA da kansa ya yarda cewa ga littattafan addini da na dā, a kawo lambobin da ba sa canzawa daga bugu zuwa bugu maimakon shafi: sura da aya, babi, lambar hadisi. Saboda haka kada ka tsaya a (Muslim, shekara kaza, shafi kaza). Rubuta suna, shekarar bugun da ke hannunka, sannan kitabi da lambar hadisi, misali Kitabuz Zakka, hadisi na 979.

Na biyu, gyara ɓarnar da shekarar bugu ke yi da bakinka, cikin jimla. Karon farko da ka ambaci malami na dā, sa shekarar rasuwarsa: "Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, ya ce..." sannan baka biyun su biyo baya. Sau ɗaya ya wadatar ga kowane malami.

A lura kuma: a bugu na 6 na APA ba a tilasta sa Alƙur'ani da makamantansa cikin jerin manazarta ba, amma bugu na 7 ya ce a sa, da bayanin bugu ko fassarar da aka yi amfani da ita. Tambayi sashenku wane bugu suke bi.

Na rubuta lambar aya daidai daga Alƙur'anina, Malam ya ja jan biro ya ce kuskure ne. Me ya faru?

Wannan ta faru a gabana. Wani ɗalibi, mahaddaci ne da ya tashi a tsangaya, ya kawo ayar da ke umarni a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa, ya rubuta Suratul An'am, aya ta 142. Malamin da ke tare da ni a zaman ya buɗe wayarsa ya ga 141. Suka yi ta ja, kowa na da gaskiya. Ɗalibin da mus'hafin Warshu ya yi aiki, malamin da na Hafsu.

Mus'hafin Hafsu yana bin ƙidayar mutanen Kufa, ayoyi 6,236. Na Warshu, wanda aka buga da lambobi, galibi ƙidayar Madina yake bi. Lafazin ayar bai ɓace ba, wurin tsayawar ƙidaya ne ya bambanta. Ƙidayar Kufa, alal misali, tana ɗaukar "Alif Lam Mim" na farkon Baƙara aya ce mai zaman kanta, ta Madina ba ta ɗauka. Baƙara aya 286 ce a Kufa, 285 a Madina. An'am kuwa 165 ce a Kufa, 167 a Madina.

Maganin abin layi ɗaya ne. A farkon kundi, ko a hashiyar ayar farko da ka kawo, rubuta cewa duk lambobin ayoyi a wannan aiki bisa mus'hafin Hafsu suke, ko na Warshu. Sannan ka tsaya a kai. Haɗarin yana ga wanda ke ɗauko wasu ayoyi daga mus'hafin gida, wasu daga manhajar waya, ya cakuɗa ƙidaya biyu bai sani ba. Shawarata, ko da Warshu kake karantawa, ba da lambar Hafsu, domin ita ce mafi yawan littattafan tafsiri da ake bugawa yanzu ke ɗauke da ita. Haka nan ka faɗi fassarar wa ka ɗauka, ta Shehu Abubakar Gumi ce, ta wani ce, ko taka.

Lambar hadisi kaɗai ba ta isa ba?

Ba ta isa ba, don lambobin ba marubutan littattafan ne suka sa ba, masu tahaƙiƙi ne na baya, kuma ba su haɗu a kan ƙidaya guda ba. Sahihu Muslim ne babban misali. Ƙidayar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi tana ba hadisi lamba ɗaya tare da duk hanyoyinsa, ta tsaya a 3,033. Wasu bugun suna ƙidaya kowace riwaya daban, su haura dubu bakwai. Ka ga wanda ya rubuta "Muslim, 979" kawai, mai bugun da ke ƙidaya kowace riwaya zai buɗe ya tarar da wani hadisi can daban.

Abin da bai canzawa a Bukhari shi ne sunan kitabi da babi. Saboda haka kawo uku: kitabi, babi, lamba, sannan ka faɗi sau ɗaya ƙidayar wa kake bi. A Bukhari akwai ƙarin dalili: yana maimaita hadisi a wurare da yawa, wani lokaci da ɗan bambancin lafazi. Hadisin niyya ma sau bakwai ya zo. Kawo wurin da lafazin da ka rubuta yake, ba wurin da ka fi haddacewa ba.

A nuna mana a aikace mana, Malam.

Bari in ɗauki kundin ɗalibin nan na An'am. Batunsa zakkar amfanin gona ne a ƙauyensu da ke bakin fadama, inda ake noman damina na gero da dawa, a kuma yi noman rani da injin ban ruwa. A sakin layi guda yana son kafa abu uku: cewa zakkar amfanin gona wajiba ce, cewa nisabinta wasƙi biyar ne, cewa abin da ruwan sama ya shayar ushuri ake fitarwa, na ban ruwa kuma rabin ushuri. Sannan ya ƙara da abin da limamin garinsu ya gaya masa kan yadda manoma ke aunawa da buhu da tiya.

Da ya fara kawo mini, jimlar nisabi tana ɗauke da baka biyu mai sunaye huɗu da shekaru huɗu, biyu daga ciki "babu shekara". Sai da na karanta sau biyu kafin in gano inda jimlar ta tsaya. Sashensu ya bar zaɓi ga mai duba aiki, sai muka ƙirga manazartarsa: kashi uku cikin huɗu littattafan dā ne. Muka koma hashiya. Sakin layin ya fita da lambobi huɗu:

1. Suratul An'am, 6:141. Lambobin ayoyi a wannan kundi bisa mus'hafin Hafsu suke. Fassara tawa ce.
2. Muslim, *Sahihu Muslim*, Kitabuz Zakka, hadisi na 979, ƙidayar Abdulbaƙi, daga Abu Sa'idil Khudri. Duba kuma Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, *Risala*, babin zakka.
3. Bukhari, *Sahihul Bukhari*, Kitabuz Zakka, babin ushuri cikin abin da ruwan sama ya shayar, hadisi na 1483.
4. Hira da limamin gari, a ƙofar gidansa, rana kaza ga wata kaza.

A hashiya ta 2 da ta 3 ya ƙara gari, kamfani da shekarar bugun da ya yi aiki da shi, tunda karon farko ke nan da ya ambace su. Jimlolinsa suka koma gajeru, ana jin muryarsa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, da na ɗauko nawa Bukharin, wanda ba bugu ɗaya ba ne da nasa, cikin minti ɗaya na sa yatsa a kan hadisin. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowace madogara: wanda ke riƙe da wani bugu daban zai iya kaiwa wurin?

Littafina bugun kasuwa ne, ba shekara, ba sunan kamfani. Wani kuma a Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, na gani.

Bugun kasuwa ba abin kunya ba ne, da shi aka karantar da mu. Rubuta abin da ke jikinsa, abin da babu ka ce babu: "babu shekarar bugu", ko `n.d.` idan da Turanci kake rubutu. Kada ka ƙirƙiro shekara, kada kuma ka aro ta wani bugu da ba ka riƙe ba. Sai dai a nan ne hanyar suna da shekara ke nuna rauninta. Idan kana da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo guda uku duk ba shekara, za ka koma kana rubuta `n.d.-a`, `n.d.-b`, `n.d.-c`, mai karatu kuma sai ya yi ta juya takarda don sanin wanne ne wanne. A hashiya sunan littafin yana nan ƙiri-ƙiri.

Shamila kuwa, buɗe katin bayanin littafin. Zai nuna maka mai tahaƙiƙi, kamfani, shekara, da ko lambobin shafi sun dace da bugaggen littafi. Idan sun dace, kawo bugun, ka faɗi cewa ta Shamila ka karanta. Idan ba su dace ba, bar shafi, kawo babi.

Hira da malamin zaure: a hashiya, kamar yadda ka gani a sama. A APA, maganar da wani ya yi maka baki da baki cikin jimla kaɗai ake ambatonta da kwanan wata, ba ta shiga jerin manazarta, ko da yake sassa da yawa a nan suna son a yi jerin waɗanda aka yi hira da su daban. Nemi izinin malamin kafin ka sa sunansa.

Ban ga littafin Ƙurɗubi ba, a littafin wani na ga an kawo maganarsa. In rubuta Ƙurɗubi kawai?

A'a. Rubuta cewa Ƙurɗubi ne ya faɗa, kamar yadda wane ya kawo a littafi kaza, shafi kaza. Ɗalibin ilimi ya san aibin wanda ya tsallake malaminsa a isnadi ya jingina magana ga wanda bai ji daga gare shi ba. Idan ka tsallake mai kawowar, alhali ya yi kuskure, kai ne za ka ɗauki kuskuren a matsayin shaidar ganin ido.

Ina bin suna da shekara, amma ina son ɗan bayani a ƙasan shafi. Haɗawa ke nan?

Ba haɗawa ba ne matuƙar bayani ne kake yi, kamar fassara wata kalma. Haɗawar da ake hanawa ita ce madogara ta zo a baka biyu a babi na biyu, ta koma ƙasan shafi a babi na uku. Yawanci hakan na nuna an kwaso babin daga aikin wani, kuma masu jarrabawa sun san wannan alama.

Ibid fa? Na ga tsofaffin kundaye cike da shi.

Ma'anarsa "wuri ɗaya da na sama". Ka guje shi. Yau hashiya ta 14 Risala ce, ta 15 `Ibid.` Gobe mai duba aikinka ya ce ka cusa hadisi tsakaninsu, sai `Ibid.` ɗin ya koma nuna Bukhari, maganar Ibnu Abi Zaid ta hau kan wanda bai faɗe ta ba, ba kuma abin da zai yi maka ƙara. Chicago ma tun bugu na 17, a 2017, ya karkata ga taƙaitaccen suna da take. Rubuta "Ibnu Abi Zaid, *Risala*, babin zakka" ko sau goma ne a jere.

A shagon buga takardu ake buga mini. Me zan gaya wa mai bugawa?

Nan ne kundaye masu kyau ke lalacewa. Ɗalibi ya hau mota ranar kasuwa ya kai rubutun hannu cikin gari, mai shago ya buga lambobin hashiya da hannu, ya ja layi a ƙasan shafi ya jera bayanan. A takarda ba ka gane komai. Ranar da aka ƙara sakin layi ɗaya a sama, rubutu ya gangara, lamba ta tafi shafi na gaba, bayaninta ya tsaya a baya.

Zauna kusa da shi ka ga ya yi hashiyar farko. A Word, `References` zai shiga ya danna `Insert Footnote`, ko ya danna `Ctrl+Alt+F`. Gwaji mai sauƙi: ce masa ya cusa sabuwar hashiya tsakanin ta 1 da ta 2. Idan tsohuwar ta 2 ta koma 3 da kanta, aikin daidai yake. Idan ba ta motsa ba, da hannu aka buga, a sake tun ba a yi nisa ba. Ka karɓi fayil ɗin kansa a filashi ko a wayarka, ba takarda kaɗai ba.

Mai kwamfutarsa zai iya amfani da Zotero, manhajar tsara madogara, kyauta ce, tana iya juya kundi duka daga wannan tsari zuwa wancan, amma fa sai madogaran da aka shigar ta cikinta. Sunayen Larabawa kuma sai ka bi su da ido, don takan ɗauki abin da ba shi ne sunan da aka san malami da shi ba.

Ni a makarantar tauhidin Kirista nake. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, ɗan'uwa. Makarantu irin naku sun fi bin Turabian na hashiya, masu nazarin nassi kuma tsarin SBL, na ƙungiyar masana Littafi Mai Tsarki. Littafi Mai Tsarki da sunan littafi, sura da aya ake kawo shi, ba da shafi ba, kuma sau da yawa cikin jimla ake sa shi a baka biyu ko da sauran madogara na ƙasan shafi. Faɗi fassarar da kake bi tun farko, domin fassarar Hausa ta 1932 da waɗanda suka biyo bayanta ba lafazi ɗaya ba ne.

Ta yaya zan tabbata ban karkace ba daga farko har ƙarshe?

Kafin ka rubuta babi na ɗaya, cire falle ɗaya ka rubuta misali guda na kowane irin madogara da za ka taɓa: aya, hadisi, littafi mai juz'i da yawa, maƙala, kundi, hira. A ƙasa ka jera sunayen malamanka da rubutun da ka zaɓa wa kowanne. Ibnu Kasir ne ko Ibn Kathir? Ɗanfodiyo ko Ibn Fudi? Ɗauki ɗaya. Ka yanke kuma cewa "al-" ba ya shiga lissafin jerin baƙaƙe, wato al-Bukhari a layin B yake zama. Kai wa mai duba aikinka fallen nan ya sa hannu, ka ba mai bugawa kwafi.

Idan an gama, ware yini guda wanda ba za ka karanta ma'ana ba sam, madogara kaɗai. Riƙe jerin manazarta a hannun hagu. Duk sunan da ka ci karo da shi a cikin kundi, yi masa alama a jerin. Sunan da ke cikin kundi babu shi a jeri, ƙara shi. Wanda ke jeri bai sami alama ba, a APA cire shi za ka yi. A hashiya, tambayi mai duba aikinka ko sashe na yarda a bar littafin da aka karanta ba a ambata ba. Sannan a kwamfuta danna `Ctrl+F` ka nemi kowane suna da rubutun da ka ƙi, ka ga ko ya saci hanya ya shigo. Daga ƙarshe ba abokin karatunka kundin, ya zaɓi madogara goma yadda ya ga dama, ya je ya nemo su a nasa littattafan. Idan ya dawo ya ce biyu sun gagare shi, kada ka gyara biyun kaɗai, koma ka bi duk 'yan'uwansu da ka rubuta a irin wannan siga.